Yadda Ake Gano Fomular Emfirikal Daga Kason Nauyi, Har Da Inda Lissafi Ya Faɗa Kan 1.5

Fomular emfirikal ita ce fomula mafi sauƙi da ake rubuta wa haɗaɗɗen sinadari. Tana nuna irin atam ɗin da ke cikinsa, da kuma nawa ne na wannan a kan nawa na wancan, cikin ƙananan cikakkun lambobi da ba a iya ƙara rage su. Ruwa, alal misali, fomularsa H₂O ce, wato atam biyu na haidurojin a kan atam ɗaya na oksijin. Wannan dangantaka ta nawa a kan nawa ita ake kira rashiyo.

Matsalar ita ce babu ma'aunin da ke ƙirga atam ɗaya bayan ɗaya. Abin da ɗakin gwaji ke iya aunawa shi ne nauyi. Idan aka kai masa samfuri, amsar da yake bayarwa ita ce kashi kaza cikin ɗari na nauyin abin nan ƙarfe ne, kashi kaza kuma oksijin ne. Aikin mai lissafi shi ne ya mayar da wannan nauyi ya koma ƙidaya.

Dalilin da ya sa lissafin ke yiwuwa

Tun a shekarun 1790 masanin sinadarai ɗan Faransa, Joseph Proust, ya nuna cewa haɗaɗɗen sinadari mai tsabta yana ɗauke da kayan haɗinsa a kan kaso ɗaya na nauyi, ko daga ina aka samo shi. Ruwa mai tsabta, na sama ne ko wanda aka haɗa a ɗakin gwaji, kashi 11.19 cikin ɗari na nauyinsa haidurojin ne, kashi 88.81 oksijin. John Dalton na Ingila ya bayyana dalilin haka a littafinsa na 1808, inda ya ce kowane sinadari na asali yana da atam nasa mai nauyinsa na musamman, kuma atam suna haɗuwa ne cikakku, ba gutsure-gutsure ba.

Wanda ya dubi alƙaluman ruwa zai ɗauka oksijin ne ya fi yawa, tunda shi ke da kusan kashi 89. A nauyi haka ne, amma a ƙidaya haidurojin ya ninka shi. Kilo ɗaya na gero da kilo ɗaya na wake nauyinsu ɗaya a sikeli, amma ƙwayoyin gero sun fi na wake yawa nesa ba kusa ba, domin ƙwayar wake ta fi nauyi. Haka atam ɗin oksijin yake, ya ninka na haidurojin nauyi kusan sau 16. Saboda haka ba a kwatanta kaso da kaso kai tsaye. Sai an raba kowane nauyi da nauyin atam ɗinsa tukuna.

Ma'aunin da ake amfani da shi wajen wannan ƙidaya sunansa mol. Mol ɗaya na kowane sinadari yana ɗauke da atam 6.022 × 10²³, kuma nauyinsa a giram shi ne lambar da ke rubuce a jadawalin sinadarai. Waɗanda za a buƙata a nan su ne haidurojin (H) 1.008, kabon (C) 12.01, oksijin (O) 16.00, fosfaras (P) 30.97 da ƙarfe (Fe) 55.85. Tunda adadin atam a kowane mol ɗaya ne, rashiyon mol shi ne rashiyon atam.

Matakan lissafin

Da farko a ɗauka samfurin giram 100 ne. Wannan dabara ce ta sauƙaƙa aiki kawai, domin da ita kashi 40 cikin ɗari ya zama giram 40 ba tare da wani lissafi ba. Ko da an ɗauki giram 50 ko tan guda, rashiyon ba zai canja ba. Na biyu, a raba nauyin kowane sinadari da nauyin atam ɗinsa don a sami mol. Na uku, a dubi amsoshin, a ɗauki mafi ƙanƙanta, a raba dukkansu da ita. Da haka ƙaramar za ta koma 1, sauran kuma su nuna sau nawa suka ninka ta. Na huɗu, idan akwai lambar da ba ta fito cikakkiya ba, a ninka dukkan lambobin da ƙaramar lambar da za ta cike su.

Ga misalin da ke tsayawa a mataki na uku. Gulukos, sukarin da ake aunawa a jinin masu ciwon suga, yana da kabon kashi 40.00, haidurojin 6.71, oksijin 53.29.

C: 40.00 ÷ 12.01 = 3.331
H: 6.71 ÷ 1.008 = 6.657
O: 53.29 ÷ 16.00 = 3.331

Mafi ƙanƙanta ita ce 3.331. Da aka raba duka da ita, kabon ya ba da 1, haidurojin 1.998, oksijin 1. Lambar 1.998 biyu ce. Ɗan gibin da ya rage ya fito ne daga taƙaita alƙaluman da aka fara da su. Fomular emfirikal ta gulukos ke nan CH₂O.

Inda aka sami 1.5

Hematait ma'adini ne na ƙarfe da oksijin, kuma yana cikin manyan duwatsun tama da ake narkarwa a sami ƙarfe. Ana samun sa tare da ɗan'uwansa magnetait a tamar Itakpe da ke Jihar Kogi, kuma yana cikin abubuwan da ke ba jar ƙasa launinta. Hematait mai tsabta yana da ƙarfe kashi 69.94, oksijin kashi 30.06.

Fe: 69.94 ÷ 55.85 = 1.252
O: 30.06 ÷ 16.00 = 1.879

An raba duka da 1.252, ƙarfe ya ba da 1, oksijin ya ba da 1.50.

A nan ne da yawa ke tuntuɓe. Darasin lissafi ya saba wa ɗalibi da cewa idan lamba ta kai ɗigo biyar sai a cike ta zuwa sama, don haka hannu ke saurin mayar da 1.5 ta koma 2, a rubuta FeO₂. Wani kuma sai ya zubar da ragowar ya rubuta FeO. Dukansu sun kuskure, kuma ana iya kama kuskuren da lissafi. Idan da FeO₂ ce, nauyin fomular zai zama 55.85 da 32.00, wato 87.85, ƙarfe kuma ya zama kashi 63.6. Idan da FeO ce, ƙarfe zai kai kashi 77.7. Babu wadda ta zo kusa da 69.94 da aka auna.

Lambar 1.5 ba kuskuren awo ba ce da za a share. Ɗaya da rabi ce, wato uku bisa biyu. Abin da take faɗa shi ne, a kan kowane atam ɗaya na ƙarfe akwai atam ɗaya da rabi na oksijin. Tunda babu rabin atam a haɗin sinadari, sai a nemi ƙaramin rukunin da ba ya buƙatar rabi: atam biyu na ƙarfe a kan atam uku na oksijin. A lissafe, an ninka ɓangarorin biyu da 2 ke nan, 1 ta koma 2, 1.5 ta koma 3. Fomular hematait ita ce Fe₂O₃.

Ninkawar dole ta shafi kowane sinadari, har da waɗanda suka riga suka fito cikakku. Wanda ya ninka 1.5 kaɗai ya bar 1 a yadda take zai sami FeO₃, ya ɓata rashiyon da ya sha wahalar nemowa. Ɗaya a kan ɗaya da rabi daidai yake da biyu a kan uku, amma ba daidai yake da ɗaya a kan uku ba.

Ƙa'idar ba ta tsaya ga 1.5 ba, ta shafi duk lambar da ta ƙare da rabi. Wani haɗin fosfaras da oksijin yana da fosfaras kashi 43.64, oksijin 56.36. Mol ɗinsu 1.409 da 3.523 ne, rashiyon kuma 1 a kan 2.50. Da aka ninka da 2 sai aka sami P₂O₅. Da wannan fomula ake bayyana yawan fosfaras a buhun takin zamani: lambar tsakiya a NPK 15-15-15 tana nufin kashi 15 ne idan aka lissafa shi a matsayin P₂O₅, wanda ƙasa da rabinsa ne fosfaras zalla.

Sulusi, rubu'i da humusi

Rabi ne ya fi sauƙin ganewa, amma ba shi kaɗai ke fitowa ba. Magnetait, baƙin ma'adinin da maganaɗisu ke ja, yana da ƙarfe kashi 72.36 da oksijin 27.64.

Fe: 72.36 ÷ 55.85 = 1.296
O: 27.64 ÷ 16.00 = 1.728

Rashiyon ya fito 1 a kan 1.33. Idan aka gwada ninkawa da 2 za a sami 2.67, ba ta cika ba. Da 3 kuwa an sami 4.00. Ragowar 0.33 sulusi ce, kuma sulusi uku ne ke yin ɗaya. Fomular magnetait ita ce Fe₃O₄. Abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakanin hematait da magnetait a kason ƙarfe ba ta kai kashi biyu da rabi ba, amma ita ta raba 1.50 da 1.33, ta raba jan ma'adini da baƙi.

Hanyar gane abin da za a ninka da shi ita ce a karanta ragowar da ke bayan ɗigo a matsayin ɓangare na ɗaya. Idan 0.50 ce, rabi ne, a ninka da 2. Idan 0.33 ce ko 0.67, sulusi ne ko sulusi biyu, a ninka da 3. Idan 0.25 ce ko 0.75, rubu'i ne ko rubu'i uku, a ninka da 4. Idan 0.20, 0.40, 0.60 ko 0.80 ce, humusi ne ko ninkinsa, a ninka da 5. Wanda ya manta waɗannan sai ya bi a hankali, ya gwada 2, ya gwada 3, ya gwada 4, har ya kai lambar farko da ta cike dukkan rashiyon a lokaci guda. Idan kuma rabi da sulusi suka fito tare a lissafi ɗaya, kamar 1 da 1.5 da 1.33, lambar da ke cike su duka ita ce 6.

Asfirin, maganin ciwon kai da aka sani, yana nuna yadda rubu'i ke fitowa a haɗi mai sinadarai uku. Yana da kabon kashi 60.00, haidurojin 4.48, ragowar kuma oksijin ne. Idan aka ba da bayani a haka, ana cire jimillar waɗanda aka sani daga 100, don haka oksijin ya zama 35.52.

C: 60.00 ÷ 12.01 = 4.996
H: 4.48 ÷ 1.008 = 4.444
O: 35.52 ÷ 16.00 = 2.220

An raba da 2.220, kabon ya ba da 2.25, haidurojin 2.00, oksijin 1. Wanda ya zubar da 0.25 zai rubuta C₂H₂O, abin da ba shi da alaƙa da asfirin. Da aka ninka duka da 4 sai aka sami 9, 8 da 4, wato C₉H₈O₄.

Yaushe ake cike lamba, yaushe ba a cikewa

Lambobi irin su 1.998 ko 2.02 ko 2.97 ana mayar da su 2 ko 3 ba tare da fargaba ba, domin babu awon da ba ya da ɗan gibi. Littattafan makaranta da dama suna cewa idan tazarar ba ta wuce 0.1 ba a cike. Wannan yana aiki a yawancin tambayoyin aji, amma ba doka ba ce, kuma sukarin shayi ya isa hujja.

Sukarin rake, wanda masana ke kira sukuros, yana da kabon kashi 42.11, haidurojin 6.48, oksijin 51.41. Mol ɗinsu 3.506, 6.429 da 3.213 ne. Da aka raba da 3.213 sai aka sami 1.091, 2.001 da 1. Bisa waccan shawara ta 0.1, za a mayar da 1.091 ta koma 1 a rubuta CH₂O, irin ta gulukos. Amma CH₂O kabon ɗinta kashi 40.00 ne, wanda aka auna kuma 42.11 ne. Bambancin kashi biyu ya yi wa awo mai kyau yawa. Mujallun masana da dama ba sa karɓar sakamakon irin wannan gwaji idan ya kauce da fiye da kashi 0.4. Ashe 0.091 ragowa ce ta gaskiya, ɗaya bisa sha ɗaya. Da aka ninka da 11 sai aka sami C₁₂H₂₂O₁₁, wadda ita ce fomular sukarin rake.

Saboda haka abin da ke yanke hukunci shi ne ingancin alƙaluman da aka fara da su. Idan an ba da kaso mai lambobi huɗu kamar 42.11, gibin da zai bayyana a rashiyo ba ya wuce 0.01 ko 0.02, kuma duk abin da ya fi haka sai a tsaya a bincika. Idan kuwa kason an taƙaita shi ne zuwa 42 da 6 da 52, babu dabarar da za ta fitar da 12, 22 da 11 daga cikinsa.

Kurakuran da aka fi yi da yadda ake kama su

Na farko shi ne taƙaita lambobi tun aiki bai yi nisa ba. Idan aka mayar da 1.252 da 1.879 na hematait suka koma 1.3 da 1.9, rashiyon zai zama 1.46, lambar da ba a san ko 1.5 ce ko 1.4 ba. Idan aka mayar da su 1 da 2 kuwa, an koma kan FeO₂. Ya kamata a riƙe aƙalla lambobi uku bayan ɗigo har sai an gama rabawa.

Na biyu shi ne amfani da 32 a matsayin nauyin oksijin, saboda iskar oksijin O₂ ce. Fomula atam take ƙirgawa, don haka 16.00 ake ɗauka. Wannan kuskure yana da haɗari domin amsarsa takan fito tsaf kamar gaskiya. A hematait, 30.06 ÷ 32 yana ba da 0.939, rashiyon ƙarfe ya zama 1.33, a ninka da 3 a sami Fe₄O₃. Lissafin ya tafi sumul, amsar kuma ba daidai ba ce. Haka abin yake ga haidurojin da naiturojin da kulorin, nauyin atam guda ake ɗauka.

Na uku shi ne mantawa da duba jimilla. Idan kason da aka bayar bai kai 100 ba da tazara mai yawa, akwai sinadarin da ba a ambata ba, kuma a haɗe-haɗen kabon yawanci oksijin ne. Dalilin haka yana cikin yadda ake yin gwajin. Ana ƙona samfurin, kabon ɗinsa ya koma CO₂, haidurojin ya koma ruwa, a kama kowanne a auna. Justus von Liebig na Jamus ne ya sauƙaƙa wannan hanya da na'urar gilashi da ya ƙirƙira a 1831. Tunda an ƙara oksijin daga waje wajen ƙonawar, na cikin samfurin ba ya fitowa kai tsaye, sai a same shi ta hanyar cirewa.

Gwaji ɗaya yana kama dukkan waɗannan kurakurai, shi ne a juya lissafin baya. A ɗauki fomular da aka samu, a haɗa nauyinta, a fitar da kason kowane sinadari, a kwatanta da wanda aka fara da shi. Ga Fe₂O₃, ƙarfe biyu 111.70 ne, oksijin uku 48.00, jimilla 159.70, kuma 111.70 ÷ 159.70 yana ba da kashi 69.94, daidai da na farko. Ga Fe₄O₃ kuwa ƙarfe zai haura kashi 82, nan take a gane an kauce.

Abin da fomular emfirikal ba ta faɗa

Rashiyo kawai take bayarwa, ba ta faɗin adadin atam da ke cikin molekul guda. CH₂O ita ce fomular emfirikal ta gulukos, ita ce kuma ta fomaldihaid da ake yin fomalin da shi, ita ce ta asid ɗin da ke ba binega tsami. Dukansu kabon ɗinsu kashi 40.00 ne. Abin da ke raba su shi ne nauyin mol ɗaya na molekul ɗinsu, wanda ake aunawa ta wata hanya dabam. Nauyin CH₂O 30.03 ne. Fomaldihaid nauyinsa 30.03, don haka CH₂O ce fomular molekul ɗinsa. Asid ɗin binega 60.05 ne, ninki biyu, wato C₂H₄O₂. Gulukos 180.16 ne, ninki shida, wato C₆H₁₂O₆. Haka ma P₂O₅, molekul ɗinsa na ainihi P₄O₁₀ ne. Ga ma'adinai da gishiri irin su Fe₂O₃ da NaCl kuwa, babu molekul mai zaman kansa, atam ɗinsu a jere suke cikin tsari mai maimaituwa, saboda haka fomular emfirikal ita ce fomular da ake rubuta musu.

Ko fomular molekul ɗin ma ba ta nuna yadda atam suka jeru. Gulukos da furuktos, sukarin da ke da yawa a zuma da 'ya'yan itatuwa, dukansu C₆H₁₂O₆ ne, amma tsarinsu ya bambanta, furuktos kuma ya fi zaƙi.

Sannan lissafin gaba ɗaya ya ginu ne a kan cewa samfurin abu ɗaya ne mai tsabta. Idan aka gauraya hematait da magnetait rabi da rabi a nauyi, ƙarfe zai zama kashi 71.15, oksijin 28.85, rashiyon ya fito 1 a kan 1.42. Mai gaggawa zai ɗauke shi 1.4 ya ninka da 5 ya rubuta Fe₅O₇, alhali babu wannan abu a samfurin, ma'adinai biyu ne a cakuɗe. Dutsen tama da aka haƙo ya fi wannan rikitarwa, tunda yana ɗauke da yashi da laka da danshi, kuma dole a tace shi ko a auna kowane ɓangare dabam kafin a yi maganar fomula.

Akwai kuma ƴan sinadarai da a ɗabi'arsu ba sa zama a kan cikakkun lambobi. Ma'adinin wustait, wanda ake rubuta wa FeO, a zahiri ƙarfensa yana gaza oksijin kaɗan, kamar 0.95 a kan 1 ko ƙasa da haka, domin wasu guraben ƙarfe a tsarinsa babu kowa a ciki. A irin wannan ba a neman lambar ninkawa, ana rubuta ragowar yadda aka auna ta. Don haka idan rashiyo ya ƙi cika bayan an gwada ƙananan lambobi, abubuwa huɗu ake dubawa bi da bi: ko an yi kuskuren lissafi, ko awon bai da inganci, ko samfurin cakuɗe ne, ko kuma sinadarin yana cikin wannan rukuni da ba ya bin cikakkun lambobi.